Buhun Siminti a Kan Katako: A Ina Za a Sa Madogari?

Lebura ba ya buƙatar kowa ya gaya masa inda zai sa kafaɗarsa idan zai ɗauki dogon katako. Tsakiya yake nema, ya ɗan girgiza shi, ya ji ya zauna, ya kama hanya. Amma a rataya masa bokitin yashi kusa da baki ɗaya na katakon, sai tsakiyar nan ta daina amfani. Dole ya gusa zuwa wajen bokitin. Kowa ya san wannan. Abin da yawancin mutane ba za su iya faɗa ba shi ne nisan da zai gusa, kuma in ka matsa musu su yi hasashe, sai su ce zai gusa ne har nauyin da ke gabansa ya yi daidai da wanda ke bayansa. Wannan amsa tana da daɗin ji, amma ba haka abin yake ba.

Bari mu ɗauki katako guda mu bi shi har ƙarshe. Tsawonsa mita 4, faɗinsa santimita 20, kaurinsa santimita 5, nauyinsa kilo 20. Muhimmin sharaɗi shi ne ya kasance bai ɗaya daga wannan baki zuwa wancan: babu inda ya fi kauri, babu inda ya jiƙe, ba a buga masa wani ƙarfe a gefe ba. Kowace mita ta irin wannan katako kilo 5 ce. Sai a ɗora masa buhun siminti mai kilo 50, ta yadda tsakiyar buhun take santimita 60 daga bakin hagu. Madogari ɗaya tak aka ba mu, a ce guntun bututun ƙarfe da aka kwantar a ƙasa. A ina za a tura shi ƙarƙashin katakon, har katako da buhu su tsaya ba tare da wani baki ya taɓa ƙasa ba?

Kafin a amsa, akwai abu biyu da sai an riƙe su.

Na farko, abin da ke rinjayar da katako ba nauyi ba ne shi kaɗai. Nauyi ne tare da nisansa daga madogari. Kilo 10 da ke nesa da madogari da mita 2 suna da ƙarfin rinjaye daidai da kilo 20 da ke nesa da mita 1, domin idan aka ninka nauyi da nisa, 20 ake samu a duka biyun. Katako zai tsaya ne kawai idan ƙarfin rinjayen da ke son juya shi hagu ya yi daidai da wanda ke son juya shi dama. Wannan ƙa'ida tsohuwa ce. Arkimidas, masanin nan na birnin Sirakusa a tsibirin Sisili, wanda ya rasu a shekara ta 212 kafin haihuwar Annabi Isa, ya rubuta hujjarta a littafinsa kan daidaituwar nauyi.

Na biyu, shi kansa katakon kaya ne. Nan ne ake yawan tuntuɓe, domin ido yana kallon buhun ne ya manta da abin da buhun ke kai. Nauyin katakon a warwatse yake a tsawon mita 4, amma tunda katakon bai ɗaya ne, ana iya lissafa shi tamkar an tattara kilo 20 ɗin nan duka an ajiye su a tsakiyarsa, wato santimita 200 daga kowane baki. Wannan wuri shi ne cibiyar nauyinsa. Muddin madogari yana ƙarƙashin cibiyar, nauyin katakon ba ya rinjayar da komai, tunda nisansa daga madogari sifili ne. Da zarar an gusar da madogari daga tsakiya kuwa, katakon ya shiga lissafi, ya zama abokin gardamar buhun. Masu ƙera ma'aunin rataye na zamanin da sun sha fama da wannan, kuma Sabit bin Ƙurra, mutumin Harran da ya yi aiki a Bagadaza ya rasu a shekarar 901, ya yi littafi kan irin wannan ma'auni da ake kira ƙarasɗun, inda ya sa nauyin sandar ma'aunin kanta cikin lissafi.

To yanzu matsalar ta sauƙaƙa. Kaya biyu ne muke da su: kilo 50 a kan santimita 60, da kilo 20 a kan santimita 200. Tazarar da ke tsakaninsu santimita 140 ce. Madogari ba zai yiwu ya kasance hagu da buhun ba, don a lokacin buhu da katako duk za su faɗa dama. Ba zai kuma wuce tsakiyar katakon zuwa dama ba, don duk za su faɗa hagu. A cikin santimita 140 ɗin nan yake, kuma ya fi kusa da wanda ya fi nauyi. Ana raba tazarar ne a juye: buhu ya ɗauki kason da ya dace da nauyin katako, katako ya ɗauki kason da ya dace da nauyin buhu. Jimillar nauyi kilo 70 ce. A raba 140 gida 70, kowane gida santimita 2. Nisan madogari daga buhu gida 20 ne, wato santimita 40. Nisansa daga tsakiyar katako gida 50 ne, wato santimita 100. Saboda haka bututun zai zauna santimita 100 cif daga bakin hagu.

A gwada a gani. Buhu: 50 sau 40, ya ba da 2,000. Katako: 20 sau 100, shi ma 2,000. Sun yi kunnen doki.

Yanzu a dubi abin da ke kowane ɓangare na bututun. A hagu akwai buhu mai kilo 50 da mita ɗaya ta katako mai kilo 5, jimla 55. A dama babu komai sai mita 3 na katako, kilo 15. Kilo 15 sun tsayar da kilo 55, ba don wani siddabaru ba, sai don suna da nisa. Wanda bai gamsu da zancen tattara nauyi a tsakiya ba yana iya yin lissafin gunduwa-gunduwa. Mita 3 na dama tsakiyarsu tana santimita 150 daga bututun, 15 sau 150 ya ba da 2,250. Mita ɗaya ta hagu tsakiyarta tana santimita 50, 5 sau 50 ya ba da 250, a haɗa da 2,000 na buhu, 2,250 ke nan. Hanya biyu, amsa ɗaya. Abin da ba a yi shi ne cakuɗa su. Ɗalibai da dama sukan ɗauki kilo 20 na katakon gaba ɗaya su ajiye a tsakiyar ɓangaren dama, su samu 3,000, su yi ta neman inda 1,000 ya shige. Ko dai a ɗauki dukkan katakon a ainihin tsakiyarsa, ko a raba shi biyu kowane kashi da nauyinsa da tasa tsakiyar.

A makaranta za a ce a mayar da kilo zuwa ma'aunin ƙarfi ta hanyar ninkawa da 9.8, kuma daidai ne a takardar jarrabawa. Amma tunda ɓangarorin biyu duk da lamba ɗaya za a ninka su, wurin madogari ba ya sauyawa. Inda nauyin ke da muhimmanci a karan kansa shi ne kan madogarin: bututun nan yana ɗauke da kilo 70 duka, ba ragi.

Idan aka sauya nauyin kayan aka bar su a wuri ɗaya, ana ganin yadda madogari ke tafiya. Da kayan kilo 20 ne, daidai da nauyin katako, da madogari ya raba tazarar biyu, santimita 70 kowane gefe. Da kilo 10 ne, da ya yi nisan kusan santimita 93 daga kayan, ya matso kusa da tsakiya. In kuwa an jibga buhu huɗu, kilo 200, madogari zai koma bai kai santimita 13 daga tsakiyar buhunan ba, ya shige ƙarƙashinsu. A nan akwai abin lura: tafiyar ba bai ɗaya take ba. Kilo goman farko suna gusar da madogari sosai, amma idan kaya sun riga sun yi yawa, ƙarin kilo goma da ƙyar yake motsa shi. Shi ya sa tsohon ma'aunin nan da aka yi amfani da shi a ƙasashen arewacin Turai, wanda ake auna kaya ta hanyar gusar da igiyar ratayensa a jikin sanda, layukansa suke matsewa wuri ɗaya a wajen manyan nauyi, kuma a nan ne kuskurensa ya fi yawa.

Ga mai son hanya guda da za ta yi aiki komai yawan kayan, ga ta. A zaɓi baki ɗaya a riƙa aunawa daga nan. A ninka kowane nauyi da nisansa daga wannan bakin, har da katakon a tsakiyarsa, a tara, sannan a raba da jimillar nauyi. A misalinmu, 50 sau 60 ya ba da 3,000, 20 sau 200 ya ba da 4,000, jimla 7,000, a raba da 70, a samu 100. A ƙara bokiti mai kilo 10 a can ƙarshen bakin dama, sai a ƙara 4,000 a sama da 10 a ƙasa: 11,000 a raba da 80, santimita 137.5. Wannan lambar ita ce cibiyar nauyin komai da komai, kuma dole madogari ya kasance ƙarƙashinta.

Sau da yawa a wurin aiki ba a da zaɓin inda madogari zai zauna. An riga an kafa shi, abin da ya rage shi ne a nemo nauyin da za a sa a ɗaya ɓangaren. A ce bututun yana tsakiyar katakon. Katakon ya fita daga lissafi, buhu kuma yana da nisan santimita 140, ƙarfin rinjayensa 7,000. Mafi nisan da za a iya samu a dama santimita 200 ne, don haka mafi ƙarancin abin da zai tsayar da buhun kilo 35 ne, shi ma sai an sa shi a kan bakin katakon sosai. Jarkar ruwa mai lita 25, wadda ruwanta kilo 25 ne, ba za ta iya ba ko ina aka ajiye ta, domin tana buƙatar nisan santimita 280, katakon kuma ya ƙare a 200. Amma a gusar da bututun rabin mita kawai zuwa hagu, ya koma santimita 150 daga baki. Nisan buhu ya ragu zuwa 90, ƙarfinsa 4,500. Katakon ya dawo da gudummawar 20 sau 50, wato 1,000. Saura 3,500, kuma yanzu hannun dama ya kai santimita 250, don haka kilo 14 sun wadatar. Gusawar rabin mita ta rage abin da ake buƙata daga kilo 35 zuwa 14, saboda ta yi aiki uku a lokaci ɗaya: ta gajarta hannun buhu, ta tsawaita hannun abokin hamayyarsa, ta kuma sa katakon ya taya.

Manoman rani da suka yi aiki da jigo a bakin fadama sun san wannan da hannunsu, sai dai su a juye suke amfani da shi. Guga tana dogon hannu, curin laka ko dutse yana gajere, kuma nauyin sandar jigon yana goyon bayan gugar ne. Shi ya sa curin yake yin girma haka: yana gaba da ruwa, yana gaba da sanda, kuma daga ɗan gajeren nisa. Sai dai sandar jigo reshen itace ne mai kauri a gindi da siranta a kai, cibiyar nauyinta ba ta tsakiya. Ana sa gindin a wajen curin don a rage wa curin aiki.

Wannan ya kawo mu ga inda lissafin takarda ke rabuwa da katakon gaske. Kafin a yarda cewa katako ko sanda bai ɗaya ne, a gwada shi tsirara, ba kaya. A ɗora shi kan bututu a ga ko zai tsaya a tsakiya. Idan sanda ce mara nauyi, a ɗora ta kan yatsu biyu, ɗaya a kowane gefe, a riƙa matso da su a hankali. Za su yi ta tafiya bi da bi, wannan ya tsaya wancan ya motsa, har su haɗu a ƙarƙashin cibiyar nauyi. Idan wurin ya kauce wa tsakiya, ba a fasa lissafi ba. A yi alama da alli a inda ta tsaya, a riƙa aunawa daga nan maimakon tsakiya. Katakon da baki ɗayansa ya kwana cikin ruwa yana iya kaucewa haka, ko da a ido lafiyarsa ƙalau. Haka nan nisan kaya daga tsakiyar kayan ake auna shi. Buhun siminti yana da tsawo, wanda ya auna daga gefensa zai yi kuskuren da ya kai santimita 20 ko fiye, a wurin da dukkan hannun buhun santimita 40 ne. Kayan da aka rataya da igiya kuwa, inda igiyar ta kama katakon shi ne wurinsu.

Wannan gwaji yana ba da wata dabara mai amfani, ta auna nauyin sanda ba tare da sikeli ba. Ledar ruwan sha ta rabin lita nauyinta kusan rabin kilo ne. A sa guda shida a leda, kilo 3 ke nan, a rataya a ƙarshen sanda mai mita 2 wadda aka tabbatar tana tsayawa a tsakiya. A nemi inda za ta daidaita yanzu. In ta tsaya santimita 40 daga bakin da aka rataya ruwan, to tsakiyar sandar tana santimita 60 daga madogari. 3 sau 40 ya ba da 120, a raba da 60, sandar kilo 2 ce. Irin wannan ne 'yan sakandare ke yi da rula mai mita ɗaya a ɗakin gwaje-gwaje.

Akwai wani abu da lissafin nan bai faɗa ba, kuma a ganina shi ya fi cancanta a kula da shi. Sanin wurin da katako zai daidaita daban, sanin ko zai zauna a wurin daban. Wanda ya gwada misalinmu a kan bututu zai sha mamaki: ya sa shi a santimita 100 daidai, amma katakon ya ƙi tsayawa, in ya saki sai ya faɗa hagu ko dama. Lissafin bai yi ƙarya ba. Buhu da katako suna saman bututun ne, don haka cibiyar nauyinsu tana sama da wurin da suke juyawa. Da katakon ya ɗan karkata hagu, cibiyar ita ma ta leƙa hagu, ta ƙara jan sa can. Ƙaramar karkata tana haifar da babba. In kuma karkatar ta yi yawa, buhun ya zame, ko bututun ya mirgine.

A maye gurbin bututun da bulo mai faɗin santimita 15, sai labari ya sauya. Yanzu madogari ba layi ba ne, fili ne, kuma katako zai zauna muddin cibiyar nauyin tana cikin wannan fili, santimita 7.5 kowane gefe daga tsakiyar bulon. Idan aka tura buhun santimita 10, cibiyar tana gusawa kusan santimita 7, tunda buhu kashi 50 ne cikin 70 na nauyin. Wato ana iya kuskuren santimita 10 a wurin buhun katakon bai motsa ba, amma a ƙara ɗaya ko biyu ya kife ta kan gefen bulon, ba gargaɗi. Faffaɗan madogari yana da kyau wajen ajiya, amma yana ɓoye kuskure, kuma bai dace da awo ba. Wanda ke son ya san ko kayansa suna tsakiyar filin ne ko suna gab da baki, ya ɗan danna katakon da hannu a kowane ɓangare, a nisa iri ɗaya daga madogarin. Ɓangaren da ya amsa da sauƙi, can haɗarin yake.

Hanya ta uku ita ce rataya katakon daga sama da igiya ko ƙugiya. A nan cibiyar nauyi tana ƙasa da wurin ratayewa, don haka idan katakon ya karkata, nauyin da kansa yake dawo da shi. In ƙugiyar ta kauce wa wurin da ya dace, katakon zai jirkita har cibiyar ta zo daidai ƙarƙashinta, kuma ɓangaren da ya yi ƙasa shi ke nuna inda za a matsar da igiyar. Shi ya sa ma'aunan sanda rataye ake yin su, kuma shi ya sa masu ɗaga ƙarafa da injin ɗaga kaya suke fara ɗagawa ɗan kaɗan daga ƙasa, su duba karkata, su sauke su gyara, kafin su ɗaga sosai.

Daidaito kuma ba ya nufin katakon zai jure. Ƙarfin da ke son lanƙwasa shi ya fi yawa a daidai kan madogari, inda 2,250 na hagu da 2,250 na dama suke karo. Idan akwai gaɓa, tsaga ko ramin ƙusa a wurin, a nan zai karye, kuma tsagewar daga saman katakon take farawa, domin saman ne ake ja, ƙasan kuma ana matse shi.

Lokacin sauke kaya ma yana da nasa lissafin. Da zarar an ɗauke buhun, 2,000 na katakon sun rasa abokin hamayya. Dogon ɓangaren zai faɗi, gajeren ya yi tsalle sama, daidai inda fuskar mai ɗauke buhun take. Wanda zai hana haka ta hanyar danne gajeren bakin, daga nisan santimita 100, sai ya sa ƙarfin kilo 20. Wanda ya je ya tallabi dogon bakin, daga nisan santimita 300, ƙarfin da bai kai kilo 7 ba ya ishe shi. Don haka kafin a taɓa buhun, a fara tura mutum ɗaya can dogon bakin, ko a sa masa bulo a ƙarƙashi.